Sharhina kan yufiyes na 650VA da ekstenshan mai kare bugun wuta, ga masu destof

Masu tambayata ta waya ko yufiyes ɗin nan da na sa a shago ya biya kuɗinsa, eh ya biya, amma ba ta hanyar da yawancin mutane suke zato ba. In kana son abin da za ka ci gaba da taifin da shi awa biyu bayan an ɗauke wuta, to ka nemi inbata ko sola, wannan ba aikinsa ba ne. Aikinsa ya riƙe maka kwamfuta na ɗan lokaci ka yi sebin ka kashe ta da hannunka. Shagona na taifin da firintin ne a nan Kano, destof nake amfani da shi, shi ya sa maganar ta dame ni, masu laftof su batirinsu ya riga ya rufa musu asiri.

Kafin in saya abin da ya ishe ni shi ne kwamfuta ta ƙi tashi da safe. Kuma ƙin tashin nan iri biyu ne, mutane suna haɗa su wuri ɗaya su ce wuta ta ƙona, alhali ba ɗaya ba ne. Na farko ka danna maɓalli fanka ta juya, fitila ta kawo, sai allo ya tsaya a kan Preparing Automatic Repair ya yi ta zagaye, ko ya kawo shuɗin allo da lamba irin 0xc000000f. Wannan ba ƙonewa ba ne, sau da yawa wuta ce ta yanke lokacin da kwamfuta take tsakiyar rubutu a hadis, sai fayil ɗin ya tsaya rabi. In fayil ɗinka ne na wasiƙa da sauƙi, in kuwa fayilolin da Windows take tashi da su ne shi kenan ta tsaya. Ni haka ta same ni, tana cikin ofdet, har ta rubuta kar a kashe, wuta ta tafi, da aka dawo da ita sai shuɗin allo. Da filashin Windows aka tayar da ita aka shiga Command Prompt aka buga waɗannan:

```
chkdsk C: /f
bootrec /rebuildbcd
```

Ta dawo, amma rabin yini ya tafi ga kwastoma na zaune yana jiran furojet ɗinsa, kuma ba kullum ake sa'a haka ba, wani lokaci sai an sake zuba Windows gaba ɗaya. Na biyun kuma ka danna shiru, ba fanka ba fitila, wataƙila ma ka ji ɗan warin ƙuna ta baya. Wannan yawanci fawa-fak ne ya tafi, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar, in abin ya yi muni har da madabod, kuma ya fi faruwa a daidai lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi ko lokacin tsawa da damina.

To ekstenshan mai kariya, wanda za ka ga an rubuta Surge Protector a jikinsa, na biyun kawai yake taimakawa, shi ma ba duka ba. Akwai wani ɗan abu a cikinsa kamar kwabo, in wuta ta yi tsalle na ƙiftawar ido sai ya shanye ƙarin kafin ya kai ga kwamfuta. Duk bugun da ya sha yana rage masa ƙarfi, wata rana zai mutu amma soket ɗin ya ci gaba da ba da wuta kamar ba komai, don haka ka nemi mai ƙaramar fitilar da ke nuna kariya na nan, ranar da ta mutu ka san ekstenshan kawai ya rage maka. Sannan yana son waya ta uku, ta ƙasa, kuma gaskiya shaguna da yawa waya biyu kawai aka ja musu, ramin sama na soket ado ne. Sai da na kira mai wayarin ya kafa min rodi a ƙasa ya haɗa. Abin da ba zai iya ba kuma shi ne wutar da ta hau ta zauna a sama, irin in wayar nutural ta tsinke a layi wutar da ya kamata ta zo 230 ta doshi 400, wannan shi kansa ƙonewa zai yi. In an ɗauke wuta kuwa ko kaɗan ba ruwansa, kwamfuta za ta mutu nan take.

Nan ne yufiyes ya shigo. Nawa 650VA ne, kuma kar lambar ta ruɗe ka, ainihin abin da yake ɗauka wajen wat 360 ne zuwa 390, duba bayan kwalin. Destof ɗina na ofis da manita ba su wuce wat 150 ba in ana taifin, don haka akwai sarari. Batirin ciki guda ɗaya ne ɗan ƙarami, 12V 7Ah, a lissafi 12 sau 7 ya ba ka 84, sai ka ce ai rabin awa zan yi, to ba haka ba ne, irin batirin nan in ana jansa da ƙarfi ba ya ba da duk abin da ke cikinsa ga kuma asarar juya wutar. Wajen minti goma nake samu lokacin yana sabo. Ya isa sebin da kashewa har da canji. Sauyawarsa zuwa batir kuwa ba ka ma gani, sai dai ka ji ƙas da ƙarar fiii, allo ko ƙiftawa ba ya yi. Yana kuma da ɗan sitabilaiza a ciki, in wuta ta yi lo da yamma har kwan fitila ya yi ja sai ka ji yana ƙas ƙas yana ɗaga ta ba tare da ya taɓa batir ba, wannan ya burge ni sosai.

Yanzu abubuwan da ba su yi min ba. Ƙarar nan tasa tana da ban haushi wallahi. Da ƙaramin janareto ba sa shiri, in injin yana hawa yana sauka sai ya ƙi yarda da wutar ya koma batir, ya dawo, ya koma, har batir ya ƙare alhali inji na aiki, sai da aka yi wa injin sabis aka daidaita shi abin ya lafa. Sai batir, shi ne babban ciwon. Irin batirin nan ba ya son zafi, an yi shi ne don wajen digiri 25, kowane ƙarin digiri goma kusan rabin rayuwarsa yake ci, to ka kwatanta da shagon kwano a watan Afrilu. Ga shi mu a rana ana iya ɗaukewa sau da yawa bai gama caji ba an sake jansa. Nawa minti goman nan ya yi ta raguwa har ya zama da kyar nake gama kashewa, sai na sa sabon batir, buɗe shi ba wuya in ka cire shi daga wuta, kan waya biyu ne kawai ja da baƙi. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka yi sebin komai, ka kashe soket ɗin bango kana kallon agogo.

Kar ka kuskura ka jona firinta mai hoda ko fotokwafi a jikinsa, in ta fara ɗumama tana jan abin da ya fi ƙarfinsa, zai yi ihu ya kashe har da kwamfutar. Ni tsarina daga bango sai ekstenshan mai kariya na firinta daban, yufiyes kuma kai tsaye a nasa soket, kwamfuta da manita da rauta kawai a bayansa. Na kuma shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, na mayar da Restore on AC Power Loss zuwa Power Off don kar ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kawo wuta a ɗauke.

Tun da na sa shi ban sake ganin shuɗin allon nan ba. In da zan sake saye zan ƙara kuɗi in ɗauki na 1200VA mai batir biyu, mai ramin USB wanda zai kashe kwamfutar da kansa in na fita salla aka ɗauke wuta, don nawa ba shi da wannan, in ba ka kusa batir na ƙarewa zai sake ta ta faɗi kamar babu shi.