Wace manhaja za ka ɗora don sikanin satifiket da waya?

In dai takardun makaranta ne, WAEC, NECO, na bautar ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, ni dai Adobe Scan nake ba mutane shawara. Kana saita kyamara shi zai gano gefen takardar ya yanke ya miƙar da ita, sannan ya karanta rubutun ciki (OCR kenan) ya haɗa da PDF ɗin, kyauta, sai dai dole ka buɗe akawun kuma sai da data yake karantawa. Gwajin ba wuya, buɗe fayil ɗin ka nemi lambar jarabawarka, in ta fito da alama a kanta to ya karanta, in bata fito ba hoto kawai ka ɗauka aka sa masa rigar PDF.

Inda ake shan wahala shi ne satifiket ɗin da aka yi wa laminetin. Kar ka kunna filashi, walƙiyar robar nan tana cinye layi guda, na ga wanda makinsa na lissafi ya koma farin tabo kuma bai lura ba sai da aka dawo masa da takardun. Ka shimfiɗa ta kan abu mai duhu kusa da taga da safe, wayar a miƙe a samanta. Kuma sunan da aka rubuta da lanƙwasasshen rubutun ado ba ya karantuwa sosai, don haka sa wa fayil suna da kanka, kamar WAEC_2014_Aisha, ka tura kwafi Google Drive.

Shi ma Drive ɗin yana sikanin kuma akwai 15GB kyauta, ba laifi, amma da Gmail da hotunanka kuke raba wurin. CamScanner na kyauta tambarinsa yake manna maka a ƙasan takarda, ban son shi. Microsoft Lens kuwa masu shi sun sanar da daina shi, a wuce wurin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Don Allah jama'a ku daina karɓar manhajar sikanin da aka fasa, wai komai a buɗe kyauta, da yaran gyaran waya na Terminus ko Ahmadu Bello Way a Jos ke tura wa mutane ta Xender. Cikakken sunanka, ranar haihuwa, hotonka, lambar jarabawa duk ka miƙa wa manhajar da ba ka san wanda ya taɓa ta ba! Ko CamScanner na gaske a 2019 sai da kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya gano muguwar manhaja a ɓoye a ɓangaren tallansa aka cire shi daga Play Store na ɗan lokaci, balle na bayan fage. A Play Store ɗin ma duba sunan kamfanin, masu kwaikwayon tambari sun yi yawa, kuma duk sikana da ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka goge ta. Haka masu cewa gwajin kwana uku kyauta amma sai ka sa katin banki, ranar huɗu za ka ji alat. In kuma a shagon kwamfuta aka yi maka, tsaya a kansu su goge a gabanka, har cikin Recycle Bin.