Wata huɗu da FiiO E10K: abin da ya gyara mini da abin da bai taɓa ba

Ina tace muryoyin shirin rediyo a gida, hedfon a kunne kusan awa biyar kullum. Abin da ya sa na fara neman DAC, wato na'urar da ke juya sautin dijital na kwamfuta ya koma wanda hedfon zai iya fitarwa, shi ne wani siririn tsuwwa da nake ji duk sanda na motsa linzamin kwamfuta ko katin hoto ya ɗauki aiki. In ana kiɗa ba a jinsa, amma da mai magana ya yi shiru sai ya fito fili.

Kafin na kashe ko sisi, wani mai gyara ya ce in cire hedfon daga ramin gaban akwatin kwamfuta in soka a koren ramin baya. Nan take yawancin tsuwwar ta tafi. Dalili kuwa, wayar da ke kai sauti gaban akwati tana fitowa ne daga inda aka rubuta `HD_AUDIO` a babban allon cikin kwamfuta, ta ratsa kusa da katin hoto tana kwasar hayaniyar lantarki. Wannan gwajin kyauta ne, kuma na tabbata mutane da yawa a nan matsalarsu za ta ƙare.

Tawa ba ta ƙare ba, saboda hedfon ɗina DT 770 Pro ne mai om 80, wato ya fi ƙaramin iyafis buƙatar ƙarfi. Sai na ƙure sautin Windows kafin muryar ta cika, ganga kuma ta fito a sanyaye. Shi ya sa na sayi E10K, wanda DAC ne mai ƙara ƙarfin sauti. Da USB ake haɗa shi, yana juya sauti a wajen akwati, yana da makunnin ƙara ƙarfi a baya da abin murɗawa a gaba. Yanzu ko rabi ba na kaiwa, ragowar tsuwwar ta ɓace, ina jin numfashin mai magana sarai in yanke shi daidai. Katin sauti na ciki ban ko duba shi ba, tunda a gefen katin hoton nan zai zauna.

Sai dai da na gwada ƙaramin iyafis na waya mai om 32, na yi ta sauyawa tsakanin ramin baya da E10K, wallahi ban iya bambancewa ba. Gurnanin da sifikokina ke yi in an tayar da janareta ma yana nan, domin daga wayarin ɗakin yake, sai da mai lantarki ya gyara wayar ƙasa. Kuma ba shi da ramin makirfo, abin da ban lura ba sai da ya iso hannuna. Har yau makirfona a bayan kwamfuta yake.

Da iyafis kawai nake amfani, da kuɗina suna aljihuna. Saboda DT 770 ɗin ne ban yi nadama ba.