Mirtazafin: 7.5, 15, 30 ko 45? Abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗi

Wanda likita ya rubuta wa mirtazafin yakan iso kantin magani da tunanin da ya saba da shi a kan sauran magunguna: ƙaramin awo mai sauƙi ne, babba kuma mai ƙarfi. Shi ya sa idan miligiram 15 ya kwantar da shi har hantsi, sai ya koma ya ce a ba shi rabi, ko ya fara raba ƙwayar biyu da kansa. Da yawa daga cikin masu yin haka sai su tarar barcin bai ragu ba, kuma ciwon damuwar da aka ba su maganin dominsa yana nan daram. Ashe wannan magani ba ya bin wancan lissafin.

A jikin kwali za ka ga an rubuta Mirtazapine, ko kuma Remeron, sunan da kamfanin Organon na ƙasar Holan ya fitar da shi. An fara amfani da shi a Holan a 1994, Amurka ta amince da shi a 1996. Maganin ciwon damuwa ne, ana shan sa sau ɗaya da dare, kuma awon da aka sani yana maganin damuwar yana tsakanin miligiram 15 zuwa 45 a rana. Ba a fara shi sai da takardar likita, don haka abin da ke tafe na wanda aka riga aka rubuta wa ne, ko wanda zai zauna da likita su zaɓa.

Maganin yana aiki a wurare da dama a ƙwaƙwalwa, amma biyu ne suka shafi barci. Na farko, yana toshe makarɓar histamin da ake kira H1, wato wurin da sinadarin histamin ke kamawa ya yi aikinsa. Histamin yana cikin sinadaran da ke riƙe mutum a farke, shi ya sa wanda ya sha firiton don mura yakan ji idonsa ya yi nauyi. A duk wuraren da mirtazafin ke kamawa, babu inda yake kamawa da ƙarfi kamar nan, saboda haka ɗan kaɗan ya isa ya toshe yawancinsu. Kamar tulu ne da ya kusa cika: ruwan da ka ƙara daga baya ba ya ƙara wani abin kirki.

Aiki na biyu shi ne sakin wani birki da ke hana jijiyoyi fitar da noradirenalin da serotonin, sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan yana buƙatar awo mafi yawa kafin ya bayyana sosai, kuma noradirenalin farkar da mutum yake yi. To a miligiram 7.5 ko 15, mai sa barci ya riga ya kama aiki gadan-gadan, mai farkarwa kuwa bai gama miƙewa ba. A 30 ko 45, mai sa barcin yana nan kusan yadda yake, amma an samu wanda ke ja da shi. Wannan ne bayanin da likitoci ke bayarwa idan an tambaye su dalilin da ƙaramin awo ya fi sa barci.

Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin doka. Bayanin ya dogara ne a kan yadda maganin ke aiki da abin da likitoci ke gani a wajen marasa lafiya, kuma akwai wani abu da ke shiga tsakani. Kusan kowa da 15 yake farawa, ba a ƙara masa sai bayan mako ɗaya ko biyu, alhali jiki yakan saba da barcin a daidai wannan lokacin ko da ba a taɓa awon ba. Wanda aka kai 30 ya ji ya wartsake, mai yiwuwa ƙarin ne ya taimaka, mai yiwuwa kuma lokaci ne kawai ya yi. Akwai ma waɗanda 30 ke ƙara musu barci. Abin da za ka iya riƙewa shi ne, rage awo ba tabbatacciyar hanyar rage barci ba ce, kuma ƙara wa kai awo don a farka caca ce.

Yanzu mu jera su kamar yadda suke a kanta. Miligiram 7.5 yana ƙasa da awon maganin damuwa. Likitoci kan fara da shi ga tsofaffi ko masu ciwon ƙoda ko hanta, waɗanda jikinsu ke jinkirin fitar da magani, wasu kuma kan bayar da shi don barci kaɗai, ko da yake ba don wannan aka yi masa rajista ba. Ba kowane kanti ke da shi ba, shi ya sa ake raba na 15. Miligiram 15 shi ne mafari ga yawancin manya, kuma a nan aka fi kukan nauyin jiki da safe. Miligiram 30 shi ne inda da yawa ke tsayawa; wani nazari da aka buga a 2019 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna amfanin maganin yana ƙaruwa har zuwa kusan 30, daga nan ba ya ƙaruwa. Miligiram 45 shi ne iyaka, na wanda 30 bai wadatar ba ne bayan an ba shi makonni. A ganina, mai neman 45 tun da fari don an gaya masa ba ya sa barci, ya sayi jita-jita ne.

Ga lissafin da ke bayyana nauyin safe. Maganin yana kai ƙololuwa a jini bayan kamar awa 2 da sha, amma rabinsa ba ya barin jiki sai bayan awa 20 zuwa 40, kuma ya fi daɗewa a jikin mata da tsofaffi. Wanda ya sha da ƙarfe 9 na dare, lokacin sallar asuba mafi yawansa yana jikinsa. A gwaje-gwajen da aka yi masa rajista da su a Amurka, mutum 54 cikin 100 sun yi kukan barci, idan aka kwatanta da 18 cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta.

Mu ɗauki misali. Malamar makaranta ce mai shekara 42, nauyinta kilo 52, damuwa ta hana ta barci, ta hana ta cin abinci, ta rame. Likita ya rubuta mata 15. Daren farko ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba, amma washegari har ƙarfe 10 kanta a dushe yake. Idan ta raba ƙwayar, ta sauka ƙasa da awon maganin damuwa, barcin kuma ba lalle ya sake ta ba. Abin da ya fi mata shi ne ta fara a daren da ba ta da aiki washegari, ta riƙa sha da wuri bayan isha maimakon sha ɗayan dare, kada ta tuƙa mota a kwanakin farko, sannan ta koma wurin likita bayan mako biyu. Idan nauyin safe ya ragu, shi ke nan. Idan bai ragu ba kuma damuwar na nan, likita na iya kai ta 30. Sauƙin damuwar kansa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya fito fili, barci ne ke riga zuwa.

Maganar cin abinci ta fi ta barci naci, domin ba kasafai jiki ke sabawa da ita da wuri ba. Toshe H1 yana buɗe ciki, kuma maganin yana toshe wata makarɓar serotonin mai suna 5-HT2C, wadda ke cikin masu sanar da mutum ya ƙoshi. Sai ka ga mutum ya ci tuwon dare, ƙarfe 11 kuma yana neman burodi da shayi ko wani abu mai zaƙi. A waɗancan gwaje-gwaje, 17 cikin 100 sun ce cinsu ya ƙaru, kuma kusan 8 cikin 100 sun ƙara kashi 7 cikin 100 na nauyinsu ko fiye. Ga malamar nan mai kilo 52, wannan kilo 3 da rabi ne da ɗoriya, kuma ita alheri ne gare ta. Ga ɗan kasuwa mai kilo 90 da ciwon suga, kilo 6 ne da wani abu, kuma maganin yana iya ɗaga kitsen jini. Shi ya kamata ya tambayi likita ko wasu magungunan damuwa irin su satiralin ko fuluwoksetin za su fi masa, domin ba su cika buɗe ciki haka ba, amma sukan kawo tashin zuciya da rashin barci a farko, da raunin sha'awar iyali, abin da mirtazafin bai cika yi ba. Amitiriftilin, wani maganin damuwar wanda ya fi araha kuma ya fi samuwa, shi ma yana sa barci da ƙiba, ga bushewar baki da taurin bayan gida, ga haɗari ga zuciya idan an sha fiye da ƙima. Kada kuma a zaci ƙara awon mirtazafin zai rage ci. Hikimar da ta shafi barci ba ta shafi ciki ba. Ka auna nauyinka ranar da ka fara, ka sake aunawa duk mako biyu a sikeli ɗaya.

Masu neman sa a matsayin sha-ka-fashe kuwa, su ji tsoron Allah su bar shi. Magani ne na ƙwaƙwalwa, kuma daina shi farat ɗaya bayan an jima ana sha yana kawo jiri, tashin zuciya, fargaba da rashin barci. A hankali ake sauke shi.

Game da nau'in ƙwaya, akwai ta haɗiyewa da ruwa, akwai kuma mai narkewa a kan harshe. Ƙarfinsu ɗaya. Mai narkewar tana da amfani ga tsohon da haɗiya ke yi wa wuya, amma tana jan danshi, ba a ciro ta daga takardarta sai lokacin sha, kuma ba ta rabuwa da kyau. Idan likita ya ce ka sha rabi, nemi ta haɗiyewa mai tsaga a tsakiya. Tsakanin Remeron da na sauran kamfanoni sinadarin ɗaya ne, bambancin kuɗi ne. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka karanta awon da idonka, don kwalin 15 da na 30 na kamfani ɗaya sukan yi kama.

Kafin ka biya, faɗa wa mai magani duk abin da kake sha. Giya, kodin da diyazafam suna ninka barcin. Tiramol kuwa yana iya haɗuwa da shi serotonin ya yi yawa, mutum ya kama rawar jiki, gumi, zazzaɓi da ruɗewa. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazafin na farfaɗiya suna rage ƙarfinsa a jini. Idan a makonnin farko ka ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, kada ka ce maleriya ce ka wuce: da wuya hakan ke faruwa, amma maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka ka dakatar da shi ka je a gwada jininka a ranar. Matashi ɗan ƙasa da shekara 25 kuma, 'yan gida su sa masa ido a farkon sha da duk lokacin da aka canza awo. Idan ya fara maganar kashe kansa ko ya kasa zama wuri ɗaya, a kai shi asibiti ba sai ranar da aka ba shi ta zo ba.