Sharhi: fitilun gwangwani da na sa aka ƙera mini don daren Mauludi

Saura mako biyu Mauludi na ɗauki buhu guda na tarkace na tafi kasuwar Gujungu ranar Lahadi. A ciki akwai gwangwanayen tumatir 12 masu giram 400, da manya 4 na madarar gari, da kwalaben man shafawa masu faɗin baki, da dogayen kwalabe 8. So nake a ƙawata ƙofar gida da zauren da ɗalibai za su yi karatu. Wani dattijo mai ƙera aci-balbal da mazurari na kai wa, muka yi da shi zan karɓa kasuwa mai zuwa.

Na tsaya na ga yadda ya fara, kuma a nan na san hannunsa ya faɗa. Kafin ya taɓa ƙusa sai da ya cika gwangwanin da jiƙaƙƙen yashi ya danna shi sosai, ya kwantar a kan tsumma, sannan ya soma hudawa. Ni da na gwada a gida ba yashi, bugu uku gwangwanin ya lotse. Nasa ko ɗaya bai lanƙwasa ba. Ƙusa iri biyu ya yi aiki da su, ƙarama ta zane, babba ta hanyar iska. Zanen dagi ya yi wa manyan, ƙananan kuma wata da tauraro.

Da na ga yana huda manyan ramuka guda shida a kewayen gindi, na ce, "Baba, waɗannan ba za su ɓata zanen ba?" Ya ce, "Yaro, wuta ma numfashi take. In ba ta sha iska ta ƙasa ba, hayaƙi za ta yi ta yi har ta mutu." Gaskiyarsa. Akwai guda biyu da na nace a bar su ba ramin gindi, kuma su ne harshen wutarsu ya riƙa rawa yana dusashewa, cikinsu ya yi baƙi ƙirin.

Inda aikin ya ba ni matsala shi ne mariƙi. Manyan huɗun ya huda bakinsu ya zura waya ya murɗe, suna nan daram har yau. Ƙananan kuwa da dalma ya liƙa musu, yadda yake yi wa aci-balbal. Amma aci-balbal wutarta a sama take, a fili, jikinta ba ya ɗaukar zafi sosai. A nan kyandir ɗin a ciki yake, gwangwanin kuma gajere ne, zafin duk a baki yake taruwa. Bayan isha'i, ana tsakiyar karatu, ɗaya ta saki ta faɗo daga jikin ƙusa. Allah ya kiyaye a kan ƙasa ta faɗi, taku biyu tsakaninta da dangar kara. Da na duba sauran na ga liƙin wasu uku ya fara ɗagawa. Nan take muka sauke su duka muka jera a ƙasa, nesa da zana da tabarmi. Duk wanda zai sa a yi masa, ya ce waya yake so, kuma a yi ta da tsayi kamar taƙi guda, don gajeriya ba ta riƙuwa in ta yi zafi.

Na kuma lura kyandir ba ya daɗewa a ƙaramin gwangwani, narkewa yake ya kwanta tun bai ci rabi ba. A manyan ya kai mu har aka tashi.

Kwalaben masu faɗin baki ba su ba mu wahala ba. Yashi ya ce in zuba a gindi kamar kaurin yatsa biyu, in kafa guntun kyandir a tsakiya yadda wutar ba za ta lashi gilashin ba. Ko ɗaya ba ta tsage ba, kuma su suka fi jure iskar ƙarshen damina.

Dogayen kwalaben da za a yanke a sa fure, da zare ya yi: ya jiƙa shi da kalanzir, ya ɗaura, ya kunna, wutar na mutuwa ya tsoma a ruwan sanyi. Cikin 8, guda 3 sun fashe a karkace, kuma tun farko ya faɗa mini haka za ta iya faruwa, bai karɓi kuɗinsu ba. Wannan ya ƙara masa daraja a idona. Sai dai bakin sauran biyar bai gogu sosai ba, da kaina na zauna na goge su a kan jiƙaƙƙen dutsen wasa wuƙa saboda yara. Mai ɗakina ta cika su da furen tafasa da sabbin zangarniyoyin gero, sun yi kyau ƙwarai a bakin zaure.

Zan koma wajensa kafin Sallah. Na fara tara manyan gwangwanayen madara tun yanzu, ƙananan kuma na mayar masa ya cire dalmar ya sa waya.