Polynomial 1 ko Thin Plate Spline?

"Jama'a na yi sikanin wata tsohuwar taswira mai sikel 1:50,000, ina so ta hau daidai kan ta zamani a QGIS. Polynomial 1 zan zaɓa ko Thin Plate Spline?"

Malam ɗauki Polynomial 1, kar ma ka tsaya dogon tunani. Ita ta taɓa fitar da ni kunya. Wata taswira irin taka na yi wa sikanin a 300 dpi, ka ga kowane fiksel ya kama wajen mita 4.2 a ƙasa ke nan. Na sa ɗigo takwas, wato wuraren da ake dannawa a tsohuwar taswira a haɗa su da takwarorinsu a ta zamani, huɗu kusa da kusurwoyi, sauran na warwatsa su a ciki, duk a mararrabar hanya da gadoji, ban yarda na sa a bakin kogi ba don kogi yana canja hanya. Da na leƙa GCP table, inda ake jera ɗigon, sai na ga bakwai Residual ɗinsu, wato tazarar da kowanne ya kauce, fiksel biyu zuwa uku ne, ɗaya kuwa ya kai 14, wato kusan mita 60. Na koma na zuƙo hoton, ashe sabuwar gada na danna, ita kuma taswirar tsohuwar gadar ce a jikinta, kufanta ma yana nan gefe. Ina gyara ɗigon nan ɗaya komai ya zauna.

Dalili kuwa, Polynomial 1 ba ta lanƙwasa takarda, matsar da ita kawai take yi ta juya ta ta miƙe ta gaba ɗaya, shi ya sa ɗigon da ka sa a kuskure ba shi da wurin ɓuya. Amma kar ka tsaya a ɗigo uku wai don su ne mafi ƙaranci, da uku Residual sifili zai nuna ma ko da shirme ka danna.

Thin Plate Spline to, tana da ranarta in takardar ta sha ninki ta yamutse kuma kana da ɗigo masu yawa, iyakarta ke nan a wajena. Dole take wa taswira ta bi ta kan kowane ɗigo, da ita na yi aikin can da ta haɗiye kuskuren gadar ta karkata min titi ban sani ba.

In ka gama ka ga duk taswirar ta goce gefe guda da tazara iri ɗaya, musamman in layukan giridinta ka bi, ba laifin ɗigo ba ne, duba datum da aka rubuta a gefen takardar, wato ma'aunin siffar duniya da aka zana taswirar a kansa, ka gani ko shi ka zaɓa a CRS, tsarin lambobin wuri da ka ba QGIS.

Sannan ka yi hattara da masu sayar da tsofaffin taswirori. Na taɓa biyan wani, ya rantse sikanin ne, ashe da waya ya ɗauka a karkace, ya kuma yanke gefen da datum yake, kuɗina sun tafi a banza. Ka ce a nuna ma gefunan duka huɗu kafin ka tura ko sisi.