Gyaɗa ɗaya, lissafi biyu: abin da na gani bayan wata huɗu ina amfani da jadawalan sinadaran abinci

Garin kunun yara nake haɗawa a nan Mabera, gero da waken soya da gyaɗa, kashi shida da uku da ɗaya. Da iyaye suka fara tambayata yawan furotin ɗin da ke cikin garin, sai na ga bai kamata in riƙa amsawa da ka ba. Na fara da wata manhajar ƙirga abinci ta waya, daga baya na koma rumbun bayanan Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda ake samu da sunan FoodData Central, sannan na sauke jadawalin abincin Afirka ta Yamma na 2019 da FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar. Wata huɗu ke nan ina aiki da su, kuma wannan shi ne abin da na gani.

Gyaɗa ce ta fara tayar min da hankali. A manhajar, ɗanyar gyaɗa giram 100 tana da furotin giram 29 da ɗoriya. A FoodData Central kuwa 25.8 aka rubuta. Kusan giram huɗu ke nan tsakaninsu, alhali gyaɗar ɗaya ce. Manhajar ba ta faɗi inda ta samo lambarta ba, babu kuma wurin da mutum zai latsa ya duba. Na kwana biyu ina ganin dole ɗaya daga cikinsu kuskure ne, har sai da na kai maganar wurin tsohuwar malamata da ta koyar da mu kimiyyar abinci.

Ta dubi lambobin biyu ta ce, "Ɗiyata, ɗauki wayarki. Raba 25.8 da 5.46, abin da ya fito ki ninka shi da 6.25."

Na yi, sai ga 29.5. Na ce, "Malama, ai wannan ita ce lambar manhajar."

Ta ce ai ba mamaki, domin a yawancin jadawalan nan ba furotin ɗin ake aunawa kai tsaye ba. Naitirojin ake aunawa. Hanyar da aka fi sani ita ce ta Kjeldahl, wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark da ya fito da ita a 1883: a narkar da abincin cikin asid mai ƙarfi, a fitar da naitirojin ɗinsa, a auna. Daga nan sai a ninka abin da aka samu da wata lamba don a ƙiyasta furotin. Tsohon ƙiyasi shi ne cewa kowane giram 100 na furotin yana ɗauke da naitirojin giram 16, kuma idan aka raba 100 da 16 ana samun 6.25. Asalin lambar ke nan.

To amma furotin ba iri ɗaya ba ne. Na gyaɗa ya fi cika da naitirojin, ya haura kashi 18 cikin ɗari, don haka idan aka ninka da 6.25 sai a ba gyaɗa abin da ba ta da shi. Wannan ne ya sa a 1931 wani masani mai suna Jones ya fitar da lambobi daban-daban ga abinci daban-daban: gyaɗa 5.46, waken soya 5.71, shinkafa 5.95, madara 6.38, su masara da nama kuma suka zauna a 6.25. Ashe naitirojin ɗin da aka samu a gyaɗar tawa kusan ɗaya ne a wurare biyun, wajen giram 4.7. Lambar ninkawar ce ta raba su.

Da na fahimci haka sai na koma kan garina. Waken soya a FoodData Central yana da giram 36.5, da 5.71 aka lissafa shi. Da 6.25 aka yi, da ya kai kusan 40. A giram 100 na haɗina akwai waken soya giram 30 da gyaɗa giram 10. Da lambobin Jones, su biyun suna ba ni furotin giram 13.5. Da 6.25 kuwa sun kusa 15. Wani zai ce giram ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. A wurin uwar da aka ce ta riƙa auna wa yaronta mai fama da tamowa cokali kaza a rana, ba na son in yi mata alƙawarin abin da babu shi a cikin ledar. Kuma tunda naitirojin kawai awon yake gani, duk abin da ke da naitirojin zai iya shiga lissafi ko da ba furotin ba ne. Ta wannan ƙofar aka cuci jarirai a China a 2008, lokacin da aka zuba sinadarin melamin cikin madara don awo ya nuna ta cika.

Dalili na biyu ni na gano shi da kaina, a gaban murhu. Ruwa ne. Duk lambar da ke jadawali ta giram 100 ce na abincin yadda yake, har da danshin da ke jikinsa. Gyaɗar da aka rubuta wa 25.8 tana da ruwa giram 6.5. Na auna kilo ɗaya, na soya cikin yashi yadda muka saba, na kaɗe, na sake aunawa kafin in murje ɓawon, sai na ga ta ragu da kusan giram 45. Furotin ɗin bai je ko'ina ba, giram 258 ɗin nan suna nan, sai dai yanzu cikin giram 955 suke. Idan aka raba, kowane giram 100 ya koma 27. Haka kuma idan gyaɗar ta sha danshin damina har ruwanta ya kai kashi 10, lambar za ta sauko ƙasa da 25. Duk wanda ya taɓa ajiye buhu a Sakkwato ya san gyaɗar da ta ratsa hunturu da bazara ba ɗaya take da ta watan Agusta ba.

A wake ne abin ya fi fitowa fili. Busasshen wake a FoodData Central giram 23.5 ne, dafaffe kuma 7.7. Na farko ruwansa kusan 12, na biyun 70. Idan aka cire ruwan aka duba tsurar abin da ya rage, ɗaya ya kusa 27 ɗayan ya kusa 26, kusan daidai. Manhajar nan tawa sau da yawa sunan abinci kawai take sa wa, ba ta faɗin ɗanye ne ko dafaffe. Wanda ya auna kwanon dafaffen wake ya shigar da lambar busasshe ya ninka lissafinsa sau uku bai sani ba. Shi ya sa yanzu, kafin in kwatanta lambobi biyu, layin ruwa nake fara dubawa. Jadawalin da bai nuna ruwa ba, ba na aiki da shi.

Sai kuma gero, wanda shi ne ya sa na canza inda nake fara nema. A FoodData Central akwai abincin da aka rubuta wa Millet, raw, da furotin giram 11. Na yi makonni ina sa shi a lissafina. Wata rana na duba sunan kimiyyar da ke tare da shi, sai na ga Panicum miliaceum. Wannan wani hatsi ne daban da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Geronmu da ake fura da shi Pennisetum glaucum ne. Ba laifin rumbun ba ne, domin abincin mutanen Amurka aka gina shi a kai, kuma bai ɓoye sunan ba. Ni ce ban duba ba. A jadawalin Afirka ta Yamma kuwa na tarar da geronmu da sunansa na kimiyya, tsabarsa da garinsa kowanne da layinsa.

Ga yadda na auna jadawalan biyu da manhajar. Jadawalin FAO na 2019 shi ne na farko a wurina ga duk abin da ake nomawa a nan. Kyauta ake sauke shi, da Turanci da Faransanci, yana da abinci sama da dubu ɗaya, yana nuna ruwa, kuma kowane layi yana ɗauke da alamar inda aka samo bayanin. Sai dai ba a tsara shi don ƙaramar waya ba, fayil ɗin Excel ne mai faɗi, ya fi daɗin aiki a kwamfuta. Ya kamata mai amfani da shi ya san cewa yawancin dafaffen abincin da ke ciki lissafa shi aka yi daga ɗanyen, ba dafawa aka yi aka kai ɗakin gwaji ba, wasu lambobin kuma aro ne daga jadawalan wasu ƙasashe. Su da kansu sun bayyana haka.

FoodData Central ya fi saurin bincike, kuma yana da kyau wajen tantancewa, amma ba jadawali ɗaya ba ne. Sashen SR Legacy tsohon jadawali ne da aka daina sabuntawa a 2018, daga nan lambobin da na kawo suka fito. Sashen Foundation Foods sabbin gwaje-gwaje ne, har yakan nuna adadin samfurin da aka gwada da mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da aka samu. Sashen Branded Foods kuwa abin da kamfanoni suka rubuta a jikin kayansu ne, inda sau da yawa an riga an cike lambar zuwa giram guda. Wannan sashen ba na kafa lissafi a kansa. Manhajar kuwa na goge ta.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne tsintar lambobi daga nan da can: gero daga wannan, gyaɗa daga wancan, waken soya daga jikin wani gwangwani. Yanzu jadawali ɗaya nake riƙewa ga haɗi guda, in rubuta sunansa da shekararsa a littafina. Idan ya zama dole in aro lamba daga wani, sai na daidaita ruwan da lambar ninkawar tukuna. Idan bayan haka suka bambanta da giram ɗaya ko biyu, ba na damuwa, domin irin shuka da ƙasa da taki suna kawo fiye da haka ma tsakanin gona da gona.

Duk da haka babu jadawalin da ya san garin da na niƙa jiya, bayan surfe da suya da tankaɗe. Don abin da zan buga a jikin leda, na ware samfuri daga niƙa uku zan kai ɗakin gwaji. Malama ta ce kada in karɓi takardar da ta rubuta furotin kaɗai. In ce su sa min yawan naitirojin, da yawan ruwa, da lambar da suka ninka da ita. Na rubuta ukun a jikin ambulan ɗin da samfurin yake ciki.