Na canza suna a fasfo bayan aure: harafi ɗaya ya ci mini mako uku

Fasfona ya fito da sabon suna, kuma aikin ya yi kyau, amma sai da na je ofishin sau uku. Zuwa biyu daga ciki da ban yi su ba da an faɗa mini abu ɗaya tun farko: ofishin fasfo ba ya raɗa wa kowa suna. Abin da takardunki suka nuna shi yake kwafewa, harafi da harafi. In takardun sun saɓa wa juna, jami'in ba zai zaɓar miki wanda ya fi daidai ba, gida zai mayar da ke.

Ni dai na so in daina amfani da sunan mahaifina a matsayin sunan ƙarshe, in ɗauki na maigidana. Na cike fom, na biya kuɗi, aka ba ni rana. Na je da tsohon fasfo, da takardar shaidar aure ta asali da kwafinta, da katin shaida, da wasiƙar neman canjin. A zatona na gama.

Jami'in ya shimfiɗa takardar auren kusa da fom ɗin, ya bi su da bakin biro, sai ya tsaya.

"Malama, sunan mijinki da h yake ƙarewa ko babu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu."

Ya juyo mini da takardar. Wanda ya rubuta ta ranar aure ya ƙara h a ƙarshe, shekara biyu tana cikin akwatina ban taɓa lura ba. A wurin jami'in, waɗannan sunaye biyu ne, kuma takardar da ya kamata ta haɗa tsohon sunana da sabon tana nuna wani suna na uku. Na so in yi gardama, amma gaskiyarsa ce. Ya ce ko dai in koma inda aka ba da takardar su gyara, ko in yi rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Na zaɓi rantsuwar, wadda ita ce dai hanyar da mai canza suna don ra'ayin kansa, ba don aure ba, yake bi: takarda mai ɗauke da tsohon suna, da sabo, da dalili, a sa hannu a gaban mai ikon karɓar rantsuwa, a buga hatimi.

Zuwa na biyu ne ya fi ɓata mini rai, kuma nan laifinsu ne. Rantsuwa ta yi, sai kuma aka ce katin shaidata har yanzu da tsohon suna yake, dole a fara gyara shi kafin fasfo. Katin nan yana kan teburin a zuwan farko! Da an haɗa mini gyaran biyu a lokaci ɗaya, da na huta. Jerin takardun da suka manna a bango ma bai ambaci wanda za a fara yi ba.

A zuwa na uku komai ya tafi sumul. Aka ɗauki hoto da zanen yatsu, aka juyo mini da allon kwamfuta aka ce in karanta kafin a tura. Kada ki yi gaggawa a nan don layi yana bayanki. Ki duba wane suna aka sa a gurbin sunan ƙarshe, wane aka sa a na farko, don in suka sauya wuri, sai an sake buga wani fasfon. Ranar karɓa kuma na duba layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa, kowanne mai gurbi 44. A layin farko, bayan haruffan da ke nuna nau'in takarda da ƙasa, sunan ƙarshe ne ke fara zuwa, sai alamar `<<`, sannan sauran sunaye. Gurbin suna 39 ne kawai, don haka in sunanki dogo ne kika ga an datse shi a can, ba kuskure ba ne.

Ba su goge suna a tsohon fasfon ba. Sabo suka buga mini da sabuwar lamba, suka soke tsohon suka miƙo mini. A cikinsa akwai bizar da ba ta ƙare ba, da tsohon sunana. Na tambayi jami'in, ya ce wannan ba huruminsu ba ne, in tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da ta ba ni. Allah ya so ni ban riga na sayi tikitin jirgi ba, don dole sunan tikiti ya dace da na fasfon da za a yi tafiya da shi. Gobe da safe zan kai musu fasfo biyun da takardar rantsuwar, wadda yanzu na yi wa kwafi biyar.